Alat Ɗaya, Inbois Huɗu: Yadda Ake Bin Sawun Kuɗin da Kamfani Ya Biya a Dunƙule

Duk ɗan kasuwar da ke kai wa babban kamfani kaya bashi ya san ba a biyansa yadda yake rubuta takardunsa. Shi duk lokacin da mota ta tashi da kaya sai ya rubuta takardar neman biya, wadda aka fi sani da inbois, ya sa mata lamba da kwanan wata. Kamfani kuwa yana da ranar biyansa, sau ɗaya ko sau biyu a wata. Ranar sai akantansu ya tattara duk takardun da lokacinsu ya yi, ya cire abin da zai cire, ya tura ragowar a dunƙule. Abin da mai kaya zai gani a wayarsa shi ne adadi guda mai wutsiya, wanda bai yi daidai da kowace inbois ba, bai kuma yi daidai da jimillarsu ba.

Saboda haka ne kamfanoni masu tsari suke aiko da wata takarda tare da kuɗin, ko kafinsa da kwana ɗaya ko biyu. A samanta za ka ga an rubuta Remittance Advice. Mu kira ta takardar bayanin biya. Aikinta ɗaya ne: ta ce kuɗin nan da muka turo na inbois kaza da kaza ne, ga abin da muka cire daga kowace, ga abin da ya rage. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu ƙasan takardar kawai suke dubawa, in adadin ya yi daidai da alat sai a jefa ta cikin durowa. Alhali duk amfaninta yana cikin layukan da ke sama da jimillar.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wani Alhaji ne mai ƙaramin kamfani a Kano, yana saro takalman aiki da safar hannu da hulunan kwano, yana kai wa wata masana'anta a Sharaɗa. Ba shi ke ƙera kayan ba, sarowa yake yi, kuma za mu ga dalilin da ya sa wannan yake da tasiri a lissafi. A littafinsa masana'antar tana da inbois biyar da ba a biya ba. Mai lamba 0412 naira 1,290,000 ce, 0418 naira 860,000, 0421 naira 645,000, 0425 naira 2,150,000, sai 0431 naira 580,500. Kowace an riga an ɗora mata harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, adadin da ake aiki da shi a Nijeriya tun watan Fabrairun 2020.

Ƙarshen wata sai alat ya shigo: naira 4,589,250. Ga kuma abin da takardar bayanin biya ta ƙunsa:

| Lamba | Jimilla da VAT | Harajin da aka riƙe | Abin da aka biya |
|---|---|---|---|
| 0412 | 1,290,000 | 24,000 | 1,266,000 |
| 0418 | 860,000 | 16,000 | 844,000 |
| 0425 | 2,150,000 | 40,000 | 2,110,000 |
| Kayan da aka mayar, 0425 | (107,500) | (2,000) | (105,500) |
| 0431 | 483,750 | 9,000 | 474,750 |
| Jimilla | 4,676,250 | 87,000 | 4,589,250 |

Adadin da ke cikin baka biyu a harkar akanta yana nufin a debe ne, ba a ƙara ba. Wasu kan sa alamar debewa a gaba ko a baya. Mai sauri yakan tsallake wannan ya tara shi da sauran, sai lissafi ya kauce da ninki biyu na adadin, ya kwana yana nema.

Takarda ba kuɗi ba ce

Kafin a taɓa littafi, a tabbatar kuɗin ya shigo. Takardar bayanin biya magana ce kawai ta mai biya. Sau da yawa tana fitowa daga kwamfutarsu tun lokacin da akanta ya shirya biyan, kafin manajan da ke sa hannu na ƙarshe ya amince, don haka tana iya riga kuɗin isowa da kwanaki, wani lokacin ma a soke biyan bayan ta fita. Saƙon waya ma ba hujja ba ne, kowa ya san labarin alat na bogi. Hujja ita ce bayanin asusu daga banki: a ga adadin, a ga ranar, a ga sunan mai turowa.

Sunan yakan rikita mutane. Masana'anta tana iya biya ta asusun uwar kamfaninta da ke Legas, ma'aikatar gwamnatin tarayya kuma kuɗinta ta Remita yake zuwa. Gurbin bayanin da ke tafe da kuɗi a banki gajere ne, lambobin inbois huɗu ba sa shiga, sai ka ga ya yanke a tsakiyar ta biyu. Abin da ya fi amfani shi ne lambar biyan da kamfanin ya sa a kan takardarsa, in ta bayyana a bayanin banki to an ɗaure. In ba ta bayyana ba, adadi da rana su ne madogara, kuma dole adadin ya yi daidai har kwabo.

A misalinmu banki ya nuna 4,589,250, takarda ta ce 4,589,250. Sai akanta ya ɗauki kalkuleta ya sake tara layukan da kansa. Ba rashin yarda ba ne. Takardar da aka yi da hannu tana iya samun layin da aka goge ba a gyara jimilla ba, wadda aka turo a shafi biyu kuma na biyun yakan maƙale. In layuka ba su haifi jimillar ba, akwai abin da bai iso ba, sai a nema tun kafin a ci gaba. Namu sun haifa.

A nan ne mafi yawan mutane suke tsayawa, suna ganin aiki ya kammala. Abin da aka tabbatar zuwa yanzu shi ne masana'antar ta turo abin da ta ce za ta turo. Ko abin da ta ce ɗin shi ne abin da ake bin ta, wannan ba a ma fara dubawa ba.

Giɓin naira 291,250

Yanzu sai a ajiye takardarsu a dama, littafin Alhaji a hagu, a sa rula ana bi layi bayan layi. Inbois huɗun da suka ambata, a littafinsa jimillarsu naira 4,880,500 ce. Kuɗin da ya shigo 4,589,250. Giɓi ya zama 291,250. Ba a neman dalili guda da zai bayyana wannan adadi, domin kusan kullum giɓin tarin ƙananan abubuwa ne masu asali daban-daban, kuma kowanne da inda ake kai shi.

Na farko shi ne harajin da ake riƙewa tun wajen biya, wanda a takarda ake rubuta WHT. Doka ta ɗora wa kamfani mai biya ya cire wani kaso daga kuɗin mai kaya, ya kai wa hukumar haraji da sunan mai kayan. A ƙa'idojin da aka fitar a 2024, suka fara aiki gadan-gadan a watan Janairun 2025, kason kayan da mutum ya saro ya kai shi ne biyu cikin ɗari. Wanda shi ya ƙera kayan da kansa ba a riƙe masa. Ana kuma lissafa kason a kan kuɗin kaya zalla, ban da VAT. Inbois 0412 kayanta na 1,200,000 ne, VAT 90,000. Kashi biyu cikin ɗari na 1,200,000 shi ne 24,000, haka kuwa suka rubuta. Sauran layukan ma sun bi wannan hanya, jimilla 87,000.

Yana da kyau a gwada ko da layi ɗaya ne, domin yanayin kuskuren yana faɗin asalinsa. Da sun ɗora kason a kan jimilla da VAT, da harajin ya zama 93,525, ƙarin 6,525 ke nan da ba su da hurumin cirewa. In ka ga kashi biyar, mai yiwuwa kwamfutarsu tana kan tsohon kaso ne na kwangila, ba a sabunta ba. In ka ga kashi huɗu, duba ko suna da lambar harajinka, domin ƙa'idar ta ce a ninka wa wanda ba shi da ita. Wanda ke hulɗa da ma'aikatun gwamnati zai ga har VAT ɗin ma an riƙe, su suke kai wa hukuma da kansu, don haka giɓinsa ya fi haka faɗi.

Abin da nake so ɗan kasuwa ya riƙe game da 87,000 ɗin nan shi ne ba asara ba ce, ba kuma bashi ba ne a kan masana'anta. Haraji ne da aka biya masa tun kafin lokaci, za a debe masa daga harajin ribarsa na shekara. Amma fa sai da shaida. Kamfanin da ya riƙe yana da zuwa ranar 21 ga watan da ke biye ya kai wa hukumar haraji ta tarayya, in kuma mai kayan mutum ne mai rajistar sunan kasuwanci kawai, hukumar jiha ake kai wa. Akanta ya buɗe shafi na musamman na harajin da aka riƙe, ya rubuta 87,000 da rana da sunan wanda ya riƙe, ya ci gaba da bibiya har rasit ya fito. Akwai 'yan kasuwa da yawa da suke biyan haraji sau biyu saboda ba su taɓa buɗe wannan shafi ba.

An cire 87,000 daga giɓi, saura 204,250.

Na biyu shi ne layin da ke cikin baka, kayan da suka ce sun mayar, 107,500. Wato kayan 100,000 da VAT ɗinsu 7,500. Wannan ba a karɓarsa da baki. Akanta ya sauka sito ya tambayi mai kula da shi ko an dawo da kaya daga Sharaɗa. Mai sito ya buɗe littafinsa ya nuna: takalma ƙafa biyar, kowace 20,000, an dawo da su saboda lamba ba ta yi ba, ga sa hannun direba. Gaskiyarsu ke nan, sito ya karɓa amma labari bai hau ofis ba. Abin yi shi ne a rubuta musu takardar ragi ta 107,500 a kan inbois 0425, mai lambarta da kwanan watanta, domin ita ce za ta rage bashin a littafi, ta kuma rage VAT ɗin da Alhaji zai kai wa hukuma. Da mai sito ya ce bai ga komai ba, da sai a bar adadin a matsayin bashi har su kawo takardar da aka sa wa hannu lokacin karɓa.

Saura 96,750, kuma duk yana kan layi guda. Inbois 0431 a littafin Alhaji 580,500 ce, a takardarsu 483,750.

Nan akwai wata tsohuwar dabara ta akantoci. Da farko a tuɓe wa giɓin VAT, wato a raba 96,750 da 1.075, zai ba da 90,000 cif. Sannan a gwada raba shi da tara. Duk lokacin da aka juya lambobi biyu wajen rubutu, a ce 54 ta koma 45, bambancin yana rabuwa da tara ba saura. Kayan inbois ɗin na 540,000 ne, nasu lissafin ya tashi daga 450,000. Alama ta nuna hannun mai shigarwa ne ya zame.

Sai dai alama ce kawai. Kayan safar hannu ne guda 180, kowace 3,000. Da a ce 150 suka isa, 30 suka ɓace a hanya ko aka ƙi karɓarsu, kuɗin da zai fito 450,000 ne daidai, giɓin ma 90,000. Lissafi kaɗai ba zai raba wannan gardama ba. Webil ce za ta raba, takardar da ta raka kayan aka buga mata hatimi a ƙofar sitonsu. Akanta ya zaro ta daga fayil, ga 180 an rubuta da biro, ga hatimi, ga sa hannun mai karɓa. To kuskuren rubutu ne, kuma 96,750 bashi ne da yake nan daram. Haraji 87,000, kayan da aka mayar 107,500, kuskure 96,750: an tara sun ba da 291,250, ba ragowar kwabo.

Wadda ba a ambata ba

Mai lura zai ga cewa littafin Alhaji inbois biyar ne, takardarsu huɗu. Lamba 0421, ta naira 645,000, ba ta ciki, alhali an biya biyu da aka rubuta bayanta. A ganina wannan ne labari mafi tsada da takardar ta kawo, kuma da shiru ta kawo shi. Kamfanin da ya biya sabuwa ya tsallake tsohuwa, yawanci ba ya da tsohuwar a kwamfutarsa ne sam. Ko ta ɓace tsakanin ƙofa da ofis, ko an riƙe ta saboda ba ta da lambar oda, ko sito bai tura shaidar karɓar kaya ba. Kowanne ne, ba za ta biya kanta ba, kuma ba wanda zai kira ya faɗa maka.

Ga inda ake yin ɓarnar. Al'adar da yawancin masu shago suka saba da ita, kuma wasu manhajojin lissafi suke yi da kansu in ba a hana su ba, ita ce a zuba kuɗi a kan bashi mafi tsufa, a gangaro har ya ƙare. A gwada da kuɗinmu. Daga 4,589,250 a share 0412 da 0418 da 0421, saura 1,794,250, a zuba a kan 0425. Littafi zai nuna ana bin 355,750 a kan 0425, da 580,500 a kan 0431, jimilla 936,250.

Jimillar ba ƙarya ba ce. Giɓin 291,250 da 645,000 na wadda aka tsallake, in an tara 936,250 suke bayarwa. Amma duk bayanin da ke ƙarƙashinta ya gurɓace. Wata mai zuwa Alhaji zai aika a nemi cikon 0425, su buɗe kwamfuta su ce an biya ta tun ranar kaza, kuma gaskiyarsu. Ita kuwa 0421 littafinsa ya ce an biya, nasu bai san da ita ba, ba mai neman ta ta kowane ɓangare. Haraji da kayan da aka mayar sun narke cikin bashin da ba za a taɓa biya ba. Bayan wata shida, an yi irin wannan biya sau shida, sai a zauna sulhun lissafi a rasa bakin zaren, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ya ci amana.

Dokar ma ba ta goyon bayan wannan al'ada in akwai takarda. A ƙa'idar kasuwanci da Nijeriya ta gada daga Ingila, mai biya ne ke da haƙƙin farko na cewa ga bashin da yake biya. Sai in bai faɗa ba ne zaɓi yake komawa ga mai bin bashi. Takardar bayanin biya faɗar ce, a rubuce.

Don haka yadda za a shigar shi ne kowace inbois ta sami rabonta kamar yadda suka rubuta. Ta 0412 ta sami kuɗi 1,266,000 da haraji 24,000, ta rufe. Ta 0418 ta sami 844,000 da 16,000, ta rufe. Ta 0425 ta sami kuɗi 2,004,500 da haraji 38,000 da takardar ragi 107,500, ita ma ta rufe. Ta 0431 ta sami 474,750 da 9,000, an bar ta a buɗe da 96,750. Ta 0421 ba a taɓa ta ba. Bashin gaskiya ya zama 741,750, kuma kowace naira a cikinsa tana da lamba da dalili. A bayan takardar akanta ya rubuta ranar da kuɗi ya shigo da lambar biyan, ya maƙala ta da shafin bayanin banki.

In kuɗi ya zo babu takarda fa? Mutane kan zauna da kalkuleta suna haɗa inbois bibbiyu, uku-uku, har su dace da adadin. Yana yi wani lokaci, amma dubi teburinmu: abin da aka biya na 0412 da na 0418 in an tara 2,110,000 ne, daidai da na 0425 ita kaɗai. Da alat na 2,110,000 ya shigo ba bayani, amsa biyu ce, kowace ta dace har kwabo. Mai kai kaya iri ɗaya a farashi ɗaya yana yawan haɗuwa da haka. Abin da ya dace shi ne a rubuta kuɗin a shafin kwastoman a matsayin wanda ba a raba ba tukuna, a nemi takardar a ranar. Kada a bar shi ya kwana biyu a haka, domin kuɗin da ba a raba ba yana sa a yi ta damun mutumin da ya riga ya biya.

Saura kiran waya, kuma yadda aka yi shi yana da tasiri. In aka ce "kuɗinmu bai cika ba", amsar da za a samu ita ce za a duba. Akantan da ya yi aikinsa ga yadda yake magana da takwararsa ta masana'antar:

"Hajiya, barka da aiki. Mun ga biyan, mun gode, Allah ya ƙara arziki. Abu biyu ne kawai. Lamba 0431 an shigar da ita 450,000, ita kuwa 540,000 ce, zan turo miki webil ɗin. Sai 0421, ban gan ta a takardarku ba, ko tana wajenku?"

"Dakata in duba, Malam. Ta 0431 na gan ta, haka ne, za mu gyara. Amma 0421 ba ta shigo mana ba. Da wace lambar oda ka rubuta ta?"

Daga nan sai a bi magana da rubutu a ranar: kwafin inbois biyun, webil ɗinsu, takardar ragin takalma, da roƙon rasit na harajin 87,000. A kuma rubuta a gefen littafi adadin da ake sa ran gani, domin su ma za a riƙe musu haraji. Cikon 0431 zai zo 94,950, bayan an cire 1,800 daga kayan 90,000. Ta 0421, mai kayan 600,000, za ta zo 633,000. In an haɗa su a biya guda, alat ɗin 727,950 zai nuna.